Injin feshi, tiyon ɗigo da kan yayyafi: me ya sa suna ɗaya ke sayo kaya iri biyu?

Duk shekara idan damina ta ɗauke, aka shiga shirin noman rani, za ka ji sanarwa a rediyo cewa an raba wa manoma "injinan feshi da kayan ban ruwa na zamani". Mai sauraro a Kura ko Talata Mafara sai ya tsaya yana tambaya: wane feshin? Na maganin ƙwari da ake goyawa a baya, ko na ruwa da ke juyawa a tsakiyar gona? Kuma kayan ban ruwan, tiyo ne, ko inji, ko irin siraran robobin nan masu ɗiga?

Tambayar ba ta tsaya a rediyo ba. Manomi yakan aiki ɗansa kasuwa ya sayo "mahaɗin tiyon ɗigo mai lamba 16", yaro ya sayo abin da aka ce, a zo gona ya ƙi zama. Mai shago bai yi ƙarya ba, yaro bai yi kuskure ba, amma kuɗin mota da yini guda sun tafi. Shi ya sa ake ta muhawara tsakanin malaman gona, 'yan kasuwa da masu shirye-shiryen noma kan yadda ya kamata a riƙa kiran waɗannan kaya. Abin da nake gani shi ne, suna a wannan fanni ba ya cika sai da lambarsa, kuma yawancin asarar da ake yi daga yar da lambar take fitowa.

Daga ina ruɗanin ya samo asali?

Kakanninmu sun yi ban ruwa da jigo da guga, suna kora ruwa cikin fangali. Kowane abu a lambu yana da sunansa tun da daɗewa, domin a nan aka ƙera shi, a nan aka yi masa suna. Sababbin kayan kuwa a kwali suke zuwa, da rubutun Turanci ko Faransanci ko na Sin, kuma ta hannu uku suke shigowa: ta hannun ɗan kasuwa, ta hannun mai gyaran famfo, da ta hannun ma'aikacin shirin tallafi. Kowannensu da sunan da yake kira.

Ɗan kasuwa yakan kira kaya da sunan kamfanin da ya fara shahara da shi, har sunan ya bi duk wani mai kama da shi. Mai gyaran famfo yana magana da inci, yana cewa elbo, soket, bawul. Ma'aikacin shiri yana magana da milimita, domin haka takardarsa ta zo. A Maraɗi da Ƙonni kuma aron daga Faransanci ne, shi ya sa injin ban ruwa yake motofom a can, ban ruwa na ɗigo kuma ake ce masa gut-a-gut. Ita kanta kalmar tiyo da muke ji kamar tamu ce tun fil azal, daga can ta ƙetaro.

Sai kuma kalmomin gida guda biyu da aka ɗora wa kaya fiye da ƙima: famfo da feshi. Famfo na iya zama kan ruwa na gida, ko tuƙa-tuƙa, ko injin jan ruwa, ko abin feshin magani. Feshi kuma na iya zama na magani ko na ruwa. A gona ɗaya ana iya samun duka waɗannan a rana ɗaya.

Injin feshi na goyo: tankin nawa yake ci?

Wannan shi ne tankin roba da ake goyawa, da hannu a gefe da ake bugawa, da sanda mai kunama, da ɗan baki a ƙarshenta. Aikinsa fesa maganin ciyawa, maganin ƙwari ko takin ruwa. Ba kayan ban ruwa ba ne, ko da yake tare ake sayensu, tare ake rabonsu. Sunan "injin feshi na goyo" ya wadatar wajen bambanta shi da sauran, sai a ƙara "na hannu" ko "mai batir".

Inda gizo ke saƙar shi ne girman tankin. Akwai mai lita 15, mai 16, da mai 20, kuma a ido ba su da wani bambanci sosai. Kamfanin Cooper Pegler yana da guda biyu da suka daɗe a hannun manomanmu, CP15 da CP3. Wanda bai sani ba zai ɗauka CP15 ne babba, alhali lita 15 yake ci, shi kuwa CP3 lita 20. Manoma kuma sun saba auna magani da "goyo": gwangwani kaza a goyo ɗaya. Idan maƙwabcinka mai tankin lita 20 ya faɗa maka awonsa, kai kuma naka mai 16 ne, ka zuba daidai da nasa, to maganinka ya fi nasa kauri da kashi ɗaya cikin huɗu.

A ce takardar jikin kwalba ta ce lita 2 na magani a cikin lita 200 na ruwa ga hekta ɗaya. Ma'ana mililita 10 ga kowace lita ta ruwa. Mai tankin 20 zai zuba mililita 200, mai tankin 16 zai zuba 160, mai 15 kuma 150. Wanda ya zarce zai ga gefen ganyen tumatir ko barkono ya ƙone bayan kwana biyu, ya ce maganin jabu ne. Wanda ya gaza kuma zai ga tsutsa na nan daram, shi ma ya ce jabu ne.

Bakin feshin ma ba iri ɗaya ba ne, ko da yake duka nozul ake ce musu. Akwai wanda ke fitar da ruwa a baje kamar mafici, shi ne na maganin ciyawa a kan ƙasa. Akwai wanda ke fitar da shi a zagaye, tsakiya babu komai, da ƙananan ɗigo kamar hazo, wannan na maganin ƙwari ne da cutar ganye, domin yana ratsa cikin shuka. Akwai na uku mai ɗan leɓe da ruwa ke buga wa ya watsu da faɗi, ɗigonsa manya ne, iska ba ta kwasarsa da sauƙi. Wanda ya fesa maganin ciyawa da bakin hazo a ranar da ake iska, gonar albasar maƙwabci ce za ta ba da labari.

Idan ka kawo bakin mai bajewa kusa da ido, za ka ga lamba a jikinsa, misali 11002. Lambobi ukun farko faɗin bajewar ne, digiri 110, biyun ƙarshe kuma yawan ruwan da yake fitarwa. Launinsa ma magana ce: a tsarin da manyan kamfanoni ke bi, ruwan ɗorawa mai 02 yana fitar da kusan lita 0.8 a minti, shuɗi mai 03 lita 1.2, ja mai 04 lita 1.6, idan turin ya kai bar 3, shi bar ma'aunin ƙarfin turin ruwa ne. Ja ke nan ninki biyu ne na ruwan ɗorawa. Wanda ya canza daga ruwan ɗorawa zuwa ja, tafiyarsa ba ta canza ba, zai ga tankin ya ƙare a rabin filin da ya saba, kuma maganin da ya sauka a ƙasa ya ninka. Sai dai a kula, masu leɓe da kuma na araha da ke zuwa cikin leda ba duka ke bin wannan tsarin launi ba, don haka lambar ta fi launin abin dogaro.

Lamba 16 guda biyu ce a ban ruwa na ɗigo

A nan ne aka fi yin asara, kuma a nan ne sunan ya fi yaudara. Abin da ake ce wa tiyon ɗigo iri biyu ne.

Na farko siriri ne, a naɗe yake zuwa a baje kamar ɗamara. Ka kama shi da yatsu biyu za ka ji bangonsa bai fi ledar sayayya mai kauri ba, sau da yawa milimita 0.2 ne. Ba ya zama zagayayye sai ruwa ya shiga. Ramukan ɗigonsa a ciki aka manna su tun daga masana'anta, tazarar santimita 20 ko 30. 'Yan kasuwa na ce masa tef. Yana da araha, yakan yi noma ɗaya zuwa uku gwargwadon kulawa da ɓarnar ɓera.

Na biyu baƙin bututu ne mai tauri, zagayayye ko babu ruwa, bangonsa kusan milimita ɗaya. Wani yana zuwa da maɗiga a ciki, wani kuma babu, kai za ka huda ka dasa maɗigar inda kake so, mai lita 2, 4 ko 8 a awa. Shi ne na gonar mangwaro, gwaba ko lemo, yana shekaru.

Dukansu an rubuta musu 16mm. Amma na tef faɗin cikinsa ake nufi, na bututu kuwa faɗin wajensa, cikinsa bai wuce milimita 14 ba. Saboda haka mahaɗinsu ba ɗaya ba ne. Mahaɗin bututu yana da ƙayoyi kamar matakala, tura shi ake yi da ƙarfi ya kama. Mahaɗin tef yana da zobe ko goro da ake murzawa: ka zura tef a kan bakinsa, ka murzo zoben ya danne shi. Ka sa tef a kan mahaɗi mai ƙaya, zai shiga salin-alin ba tare da gardama ba, sai an saki ruwa ka ga yana tsartuwa ta gefe, ko ya fice gaba ɗaya. Daga nan sai a koma ɗaure shi da robar tayar keke, gindin layi ya zama taɓo, ƙarshen layi kuma ƙasa a bushe. Duk wanda ya ga lambu da irin wannan ɗauri a bakin kowane layi, to an sayo mahaɗin da ba nasa ba.

Mahaɗan kansu aiki huɗu suke yi, kuma a ganina sunan aikin ya fi kowane suna sauƙin riƙewa. Akwai na farawa, wanda ke fitar da layi daga babban bututu, yana tafe da ƙaramar robar da ake cusawa a ramin don hana yoyo. Akwai irinsa mai ɗan bawul, don a iya rufe layi ɗaya a bar saura. Akwai na tsakiya, na haɗa inda ya yanke ko ɓera ya ci. Sai na toshe ƙarshe, wanda a tef ma ba dole ba ne a saya, ana naɗe bakin sau uku a zura masa guntun tef ya riƙe.

Mu ɗauki lambu mai faɗin mita 20 da tsawon mita 25, za a dasa tumatir layi-layi, tazarar mita ɗaya. Layi 20 ke nan, kowanne mita 25, jimla mita 500 na tef. Idan ramukan na kowane santimita 30 ne, layi ɗaya yana da kusan 83, lambun duka kusan 1,660. A jikin naɗin an rubuta lita 2 a awa ga kowane rami. Mai lissafi zai ce lambun zai sha sama da lita 3,300 a awa.

Amma wannan lita 2 ɗin da sharaɗi take: sai turin ruwan ya kai bar ɗaya, wato kamar a ce tankin yana bisa hasumiya mai tsayin mita 10. Mai ƙaramin lambu kuwa a kan ginin bulo ko ƙarfe mai mita 2 yake ɗora tankinsa. A wannan tsayi kowane rami ba zai ba da ko rabin abin da aka rubuta ba, wajen lita 0.9 ne. Lambun zai sha kimanin lita 1,500 a awa, tanki mai lita 1,000 zai ƙare cikin minti 40 ko sama kaɗan. Tumatir da ya girma, a lokacin zafi, yana iya neman lita 5 ga kowace murabba'in mita a rana, lita 2,500 ke nan ga wannan lambu, cikin tanki biyu da rabi. Wanda ya riƙe "mai lita biyu" a matsayin suna kawai, ya buɗe ruwa na minti 45 yana ganin ya gama, shukarsa ƙasa da rabin buƙatarta ta samu.

Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Ka sa ƙaramin kofi a ƙarƙashin rami ɗaya a farkon layi, wani a ƙarshe, ka bar su minti 10, ka auna. Idan na ƙarshe ya gaza na farko sosai, ko layin ya yi tsawo, ko akwai yoyo, ko matata ta toshe.

Ita matatar ma da lambarta. Ramin ɗigo ƙanƙane ne, ruwan kogi ko na rijiyar fadama kuwa yana ɗauke da yashi da gansakuka. Abin da aka saba sa wa tef shi ne matata mai lamba 120, ko mai raga ko mai faifai, kuma idan lambar ta ƙaru ramukan ragar ƙanƙancewa suke yi. Kyallen atamfa da ake ɗaurawa a bakin tanki ba ya maye gurbinta. A shimfiɗa tef kuma ramukan na kallon sama, don laka ta kwanta a ƙasan tiyon ba a bakin ramin ba.

Saboda haka saƙon da ya kamata a ba ɗan aike ba "tiyon ɗigo da mahaɗinsa" ba ne. Ga yadda zai cika: tef mai 16, kaurin 0.2, tazarar rami santimita 30, mita 500. Mahaɗin farawa na tef mai zobe guda 20 da robobinsa. Mahaɗin tsakiya na tef guda 10. Matata mai 120 da bakinta ya yi daidai da babban bututu. Shi babban bututun ma a faɗi awonsa ta hanya biyu, domin abin da mai famfo ke kira inci ɗaya shi ne milimita 32 a baƙin bututu, inci ɗaya da rabi 50, inci biyu 63.

Kan yayyafi: incin ba nisan ruwa ba ne

Ga abin da ke watsa ruwa sama ya sauko kamar ruwan sama, kalmar yayyafi ta fi feshi dacewa, ko ba komai ta raba shi da injin magani. Irinsa da aka fi gani shi ne mai ɗan hannu da ke bugun ruwan yana kas-kas-kas yana juyawa. Akwai ƙanana na gadon iri da na ganye, akwai babba da ake ce wa bindigar ruwa, sai kuma tiyo mai ƙananan huji da ke tsartuwa sama a duk tsawonsa.

Idan aka ce kan yayyafi mai rabin inci ko mai inci uku bisa huɗu, zaren gindinsa ake nufi, inda ake ɗaura shi a bututu. Wannan ba ya gaya maka nisan da zai jefa ruwa. Nisan yana ga faɗin bakinsa da ƙarfin turin da ya samu. Mai bugu na inci uku bisa huɗu yana son bar 2 zuwa 3 kafin ya kai mita goma sha wani abu, bindigar ruwa kuwa ta fi haka nema.

Nan ne sunan injin ban ruwa ke shigowa da nasa ruɗanin. "Inji mai inci biyu" faɗin bakinsa ne kawai. Wanda aka saba da shi a fadama an yi shi ne don ya kwaso ruwa mai yawa ya zuba a fangali, iyakar turinsa wajen mita 25 zuwa 30, kuma wannan iyakar sai an toshe bakinsa yake kaiwa. Akwai wani mai inci biyun da aka yi don turi, yana haura mita 50. Ka ɗaura bindigar ruwa a na farko, za ta juya da ƙyar, ruwan ya fita a dunƙule ya faɗi wuri ɗaya, ka ga zobe jiƙe a nesa, tsakanin zoben da gindinta kuwa ƙasa a bushe, manyan ɗigon kuma suna kwantar da ƙananan shuka. Wannan zoben shi ne shaidar ƙarancin turi, ba lalacewar kan ba.

Ɓangarorin muhawarar

Masu kishin harshe, da yawancin masu gabatar da shirye-shiryen noma, suna son a ƙirƙiro wa kowane abu suna na Hausa tsantsa. Hujjarsu mai ƙarfi ce: sunan da ke faɗin aikin abu yana koyarwa da kansa. Wanda ya ji "maɗiga" ko "matata" ya san me ake nufi ko bai taɓa gani ba, kuma mata masu lambun bayan gida da dattawan da ba su yi boko ba su ne suka fi cin moriyar haka.

'Yan kasuwa da masu haɗa kayan kuma suna cewa sunan da ba a san shi a shago ba ba ya sayo komai. Su da sunan kwali suke yin oda daga Legas ko Kwatano, kuma manomin da ya zo da sunan da ya ji a rediyo kaɗai sai an yi ta nune-nune kafin a gane. Wannan ma gaskiya ce, kuma aron da ya riga ya zauna a baki, irin su tiyo, bawul da nozul, ba wanda zai iya tumɓuke shi yanzu.

Ni dai ina ganin kowane ɓangare ya riƙe rabin maganar ne. Sunan aiki a bar wa Hausa, ta iya: na goyo, na ɗigo, na yayyafi, na farawa, na toshewa. Lambar kuwa a bar ta yadda take a jikin kayan, kada a fassara ta, kada a jefar da ita don a taƙaita magana. Abin da ke damuna shi ne yadda sanarwar rabon tallafi da tallan rediyo ke tsayawa a sunan kaɗai, har manomi ya karɓi kit ɗin ɗigo babu wanda ya gaya masa tef ne ko bututu, balle tsayin da tankinsa ke buƙata.

Abin da wannan ke jawo wa ƙaramin manomi

Babban manomi yana da injiniya da ke rubuta masa jerin kaya. Mai kadada ɗaya ko rabi shi ne ke aike da baki, kuma shi ne kayan da aka buɗe ba a karɓar masa idan ya mayar. Bayan kuɗin, akwai asarar da ta fi ciwo: mutum ya gwada ɗigo sau ɗaya da mahaɗin da ba nasa ba, ya ga yoyo da toshewa, ya naɗe ya jefa a ɗaki, ya gaya wa duk ƙauyen cewa abin ba ya yi a ƙasarmu. Haka fasahar da za ta rage masa kuɗin fetur take mutuwa a wurin tun ba ta fara ba.

Kafin a samu daidaito a kan sunayen, akwai abin da ke hannun kowa. Mai zuwa sayen mahaɗi ya yanko ɗan guntun tiyonsa kamar tsawon yatsa ya sa a aljihu, a gwada a gabansa a shago. Mai sayen bakin feshi ya tafi da tsohon, ko ya ɗauki hoton lambar da waya. Mai sayen kan yayyafi ya fara duba farantin da ke jikin injinsa, inda aka rubuta iyakar tsayin turi da mita, ya faɗa wa mai shago kafin a yi ciniki. Tankin goyo kuma, tun da wasu na araha ba sa cin abin da aka rubuta a jikinsu, a auna shi sau ɗaya da robar lita ɗaya, a rubuta adadin da fenti a murfinsa, don duk wanda aka ba aron sa ya san da wane awo zai haɗa magani.